Me ya sa logarizim ɗin −1 yake da amsoshi barkatai?

A makarantar sakandare ana koyar da cewa lambar da ke ƙasa da sifili ba ta da logarizim. Leonhard Euler ya nuna a ƙarni na 18 cewa tana da shi, har ma amsoshin ba su ƙirguwa, muddin an shigo da i, wato lambar da in an ninka ta da kanta ake samun −1.

Kowace lamba z mai ɗauke da i ɗigo ce a kan fili, tana da nisa r daga sifili da kuma kusurwa θ. Logarizim ɗinta shi ne ln r + iθ. Nisan ɗaya ne tak, kusurwar ce mai rikici. Wanda ya fuskanci gabas ya juya sau ɗaya cif, gabas ɗin yake kallo. Haka ƙarin 2π, wato digiri 360, ba ya gusar da ɗigon. Saboda haka −1, mai nisa 1, logarizim ɗinta iπ ne, kuma 3iπ ne, kuma −iπ ne.

Don a tsayar da amsa guda, masana suka amince kusurwar ta wuce −π amma kada ta haura π. Wannan zaɓi ya ba −1 amsar iπ.

Sai dai zaɓin yana tsaga filin a kan layin lambobin da ke ƙasa da sifili. Dab da −1 ta sama, kusurwar ta kusa π. Dab da ita ta ƙasa, ta kusa −π. Tsallaka layin na sa amsar ta yi tsalle da 2πi. Ana iya kai tsagar wani wuri, amma ba a iya kawar da ita.

Har dokar ninkawa takan karye: (−1)(−1) = 1, mai logarizim 0, alhali iπ + iπ = 2πi. Mai lissafi ya riƙa duba jimillar kusurwoyinsa kafin ya dogara da wannan doka.