Layi Biyu Kacal: Yadda Ƙaramin Asibiti Zai Amsa Tambayoyin Jama'a ta Waya

Wanda ya taɓa zama a bencin ƙaramin asibitin unguwa da safe ya san abin da mai ba da kati ke sha. Kafin hantsi ya dubi ludayi an tambaye shi nawa ne kati, wace rana ake awo, likita yana nan ko ya fita, kuma ko ana buɗewa ranar Lahadi. Washegari ma tambayoyin ke nan. Abin tausayin shi ne, wata baiwar Allah tun daga bayan gari ta hau adaidaita, ta biya kuɗi, don ta ji amsar da ba ta wuce kalma goma ba.

Wannan ne ya sa ƙananan asibitoci ke amfani da jerin hotunan nan da ake gogawa da yatsa a Instagram da Facebook, wanda masu harkar ke kira karusal. Instagram ya fito da shi a 2017 da hoto goma, a 2024 ya ƙara zuwa ashirin. Ƙaramin asibiti dai bai buƙatar ashirin. Hoto takwas ya isa: na farko ya faɗi sunan asibitin da abin da ke ciki, shida su ɗauki tambaya ɗai-ɗai, na ƙarshe ya ba da kwatance da lambar waya.

Tambayoyin kuma ba a ofishin likita ake samo su ba. Likita yana son ya yi bayanin hawan jini, amma jama'a kuɗin kati suke tambaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye wa mai ba da kati da nas littafi na mako biyu, duk tambayar da aka yi su rubuta ta yadda aka faɗe ta, in an maimaita su ja layi a gefe. Waɗanda suka fi yawan layi su ne za su hau. A bar su da kalmomin masu su. Mata "awo" suke cewa, don haka babu dalilin rubuta "kulawar lafiyar mata masu juna biyu".

Aikin gaske yana cikin layukan nan biyu, domin kowanne da nasa nauyin. Na farko amsa ce tsirara: i, a'a, rana kaza, ƙarfe kaza. Na biyu kuma abin da mutum zai yi ne. In aka fara da gaisuwa ko yabon asibiti, an ci rabin filin, mai karatu kuwa tuni yatsansa ya wuce.

A ɗauki tambayar gwajin suga, wadda ta fi kowace nuna inda ake tuntuɓe. Akwai gwajin da ake buƙatar mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba. Mai rubutu da ya fassaro kai tsaye daga Turanci zai ce, "Ana buƙatar a zo da azumi." Ga Bahaushe kuwa azumi babu ci babu sha. Sai dattijo ya zo maƙoshi a bushe, ga zafin Afrilu, nas tana ta neman jijiya, alhali ruwa zalla bai ɓata wannan gwajin. Wani kuma ya fahimci abin ta wata fuskar, ya tashi da asuba ya yi sahur da shayi da burodi, ya zo ƙarfe takwas yana ganin ya cika sharaɗi, sakamakon ya fito sama ba gaira ba dalili. Kalma ɗaya ce ta jawo duka biyun. Gyaran shi ne a cire ta, a rubuta: "Kada a ci komai, kada a sha shayi ko lemo daga 11 na dare." Layi na biyu: "Ruwa zalla ba laifi, a zo kafin 9 na safe." An faɗi lokaci, an ambaci shayi da sunansa, domin mutane da yawa ba su ɗauki shayi a matsayin abinci ba.

Tambayar awo ta fi sauƙi, amma tana da amfanin da ya wuce girmanta. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko a cikin mako 12 na fari. Mata da yawa sai ciki ya fito suke zuwa. Don haka amsar "Yaushe zan fara awo?" tana iya zama: "Da zarar kin gane, kafin cikin ya cika wata uku." Sannan: "Muna awo Talata da Alhamis, 8 na safe." Rigakafin jarirai ma haka: ana farawa da an haihu, sannan mako 6, mako 10, mako 14, sai na ƙyanda a wata tara. Layi na biyu ya tuna wa uwa ta zo da katin rigakafi.

Akwai kuma tambayoyin da layi biyu ba zai iya ɗauka ba, kuma a nan ne asibiti mai hankali ke taka birki. "Cokali nawa zan ba yarona?" tana cikin waɗanda aka fi yi, amma maganin yara da nauyinsu ake auna shi, kuma ƙarfin ruwan magani ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Duk adadin da aka rubuta a hoto zai yi wa wani yaro yawa, ya yi wa wani kaɗan. Haka tambayar zazzaɓi. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, gwajin yatsa kuma minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Amsar da ta dace ita ce a zo a gwada kafin a sha magani, layi na biyu kuma ya ce in yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, a kawo shi nan take ko da tsakar dare ne. Asibitin da bai kwana a buɗe sai ya faɗi haka ƙarara, ya ambaci babban asibiti mafi kusa.

Sai abin da ido zai gani. Girman 1080 da 1350 ya dace da fuskar waya. Rubutu ya zama baƙi a kan fari ko akasin haka, manya-manya, saboda a rana ake karantawa, sau da yawa a wayar da gilashinta ya tsage. Wasu salon haruffa na Canva ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su sauya musu fasali ko su bar akwati a wurinsu, don haka a duba kafin a saki. A asibiti, "ƙari" da "kari" ba abu ɗaya ba ne.

Wani abin da ake mantawa shi ne hotunan nan ba sa zama tare. Wata za ta ɗauki na awo kaɗai ta tura wa ƙanwarta ta WhatsApp, daga nan ya shiga zauren 'yan uwa. Shi ya sa kowane hoto ke buƙatar sunan asibiti, lambar waya, da watan da aka yi shi a ƙasa. Kuɗin kati yana canjawa, hoton bara kuma yana nan yana yawo, rigimar kuwa a tagar mai ba da kati za ta sauka. Hoton majinyaci ko katinsa ba shi da wuri a nan sai da yardarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Alƙawarin warkarwa da cika bakin "mun fi kowa" ma ƙa'idojin aikin likita ba su yarda da su ba.

Kafin a saki, a miƙa wayar ga mai shara ko maigadin asibitin, ya karanta ko a karanta masa sau ɗaya, sannan a tambaye shi me zai yi. In ya ce zai zo Talata ƙarfe takwas da katinsa, hoton ya yi. In ya tsaya yana tambayar ko na safe ne ko na dare, a koma a gyara wannan layin tun bai fita ba.