Amsar ɗan haya ga maigidan da ya ƙara kuɗi bagatatan

Mu ɗauki misalin wani malamin makaranta da ke hayar ciki biyu da falo a wata unguwa a Kano. Shekara huɗu ke nan yana gidan, yana biyan naira 450,000 a shekara. Saura mako uku kuɗinsa ya ƙare sai ga saƙo daga mai kula da gidan: Alhaji ya ce daga bana 800,000 ne, wanda ba zai iya ba ya nemi wani wuri. Ƙarin ya kusa kashi 78 cikin ɗari ke nan a tashi ɗaya.

Yawancin mutane ɗayan biyu suke yi. Wani ya kira waya cikin fushi ya faɗi abin da zai zo yana da-na-sani, wani kuma ya yi gum yana fatan maganar za ta bi ruwa. Shirun nan ya fi ba ni tsoro, domin ranar biya za ta zo ta same shi ba kuɗi, ba kuma wata shaida cewa ya taɓa ƙin amincewa.

Abin da ya kamata malamin ya fara sani shi ne, haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Saƙon ƙarin kuɗi tayi ne, bai zama farashi ba sai ɗan haya ya amsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya ta tsaya a kan haka tun 1990 a shari'ar Udih da Izedonmwen, inda ta nuna maigida ba ya sauya kuɗin haya shi kaɗai. A fiƙihu ma haka abin yake, ijara ba ta ƙulluwa sai da sanannen lada da yardar ɓangarorin biyu. Don haka amsar ɗan haya ba rashin kunya ba ce, ciniki ne.

Sai dai kafin ya ɗauki biro, ya fara taka ƙafa. Cewa "gidajen unguwar nan ba su kai haka ba" ba ta kama kowa, sai an ce wane gida, nawa, me ke cikinsa. Malaminmu ya zaga ya tambayi maƙwabta uku masu irin ɗakunansa. Na layin bayansu yana biyan 500,000. Na kusa da masallaci 550,000. Na ukun 600,000, amma shi gidansu akwai rijiyar burtsatse da tankin sama, kuma kowane sashe da mitarsa, alhali malamin daga 'yan ga-ruwa yake saye, wuta kuwa karo-karo suke yi a kan mita ɗaya.

A nan ne mutane ke zamewa. Wani sai ya kawo farashin gidan da ke can ƙarshen unguwa inda mota ba ta shiga da damina, ya gwada shi da nasa da ke bakin kwalta. Wani ya kafa hujja da maƙwabcin da ya shekara goma sha biyar a gidan ɗan'uwansa ana yi masa rangwame. Maigida ya san unguwar fiye da yadda kake zato, kuma da ya kama misali ɗaya na ƙarya, sauran sun zube. Gara ka faɗi gidan da ya fi naka tsada da bakinka, ka bayyana abin da ya fi ka da shi. A kuma tambayi wanda ke ciki, ba dillali kaɗai ba, domin la'adar dillali kaso ce daga kuɗin hayar, tana hawa idan ya hau.

Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni ta hannun wakilinka cewa haya za ta koma naira 800,000 daga 450,000. Ranka ya daɗe, shekarata huɗu a gidan nan ban taɓa jinkirta biya ba, rasitai suna hannuna. Na san komai ya yi tsada, ban kuma ce kada a ƙara ba. Amma na bincika gidaje uku irin wannan a layinmu da na baya, ana biyan 500,000 da 550,000 da 600,000, na ƙarshen ma yana da ruwa da mita tasa. Saboda haka ban amince da 800,000 ba. Zan iya biyan 550,000 a ranar da aka saba. Kafin mu daidaita, a shirye nake in biya tsohon kuɗin a kan lokaci. Ina roƙon ka ba ni lokaci in zo mu zauna. Allah ya ƙara girma."

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce "ban amince ba". Ladabinmu kan sa mu yi ta kewaye-kewaye har mai karatu ya ɗauka roƙon sassauci ake yi bayan an riga an yarda. A yi ladabin, amma ƙin ya fito fili, kuma adadi ya biyo bayansa. Yarda da cewa tsada ta taɓa kowa shi ma gaskiya ne: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 siminti da fenti da ladan magini duk sun tashi, kuma akwai gwauraye da tsofaffi da hayar nan ce abincinsu. Tayin malamin ƙarin kashi 22 ne, ba abin rainawa ba.

A sa kwanan wata, a riƙe kwafi, a miƙa ta gaban shaida ko a sa wakilin ya sa hannu cewa ya karɓa. Kuɗi kuma kada a daina biya don fushi, domin bashin haya shi ne hujja mafi sauƙi ta fitar da mutum. A tura ta banki, a rubuta na wace shekara ne. Kada kuma a ba da wani abu da sunan "kafin alƙalami" a kan sabon farashin, za a iya cewa ka amince ke nan.

Wasiƙar tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa ba. Maigida na iya ƙin tayin ya ba da takardar tashi. Dokar haya ta jiha ce, kowace da tata, amma tsarin da ake bi a Abuja da Legas da jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, shi ne mai biyan wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara wata shida, sannan wata takardar ta kwana bakwai kafin a je kotu. Idan kuwa takardar da ka sa wa hannu ta ce hayar shekara ɗaya ce tak daga rana kaza zuwa rana kaza, to wata shidan na iya kuɓuce maka, ya rage kwana bakwan kawai. Shi ya sa ake buɗe takardar a karanta kafin a yi amsa. Ko ta yaya dai, kotu ce ke fitar da mutum. Cire ƙofa, yaye kwanon rufi ko watso kaya waje ba hurumin maigida ba ne.

'Yan'uwanmu da ke Agege da Idi-Araba suna da ƙarin kariya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, a sashe na 37, ta ba ɗan haya damar roƙon kotu ta bayyana cewa ƙarin ya wuce hankali, kuma daga abin da alƙali zai duba akwai farashin gidaje a wannan yanki. Ba a fitar da shi har sai an yanke hukunci. Zagayen da malaminmu ya yi a layin baya shi ne irin shaidar da ake nema a can.

A Kano kuwa, idan Alhaji ya yi shiru mako guda, malamin sai ya ɗauki kwafin wasiƙar da rasitansa ya je wurin mai unguwa ko limamin da su biyun ke jin nauyinsa, tun ranar biya ba ta zo ba.