Leshi Shuɗi a Waya, Kore a Hannu

Hajiya ta turo hotunan yadi uku ta waya, ta ce a zaɓa mata na ɗinkin biki. Maigida ya miƙa wa yaron shagonsa, Sani. Leshin ya fito shuɗi a hoto, amma Sani ya lura an ɗauke shi a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, wanda ke sauya launi.

Ya ce, "Hajiya, a sake ɗauka a inuwa da rana, a ajiye farar takarda a gefe."

Da takardar ta fito fara sol, sai ga leshin kore ne. Nauyin yadi kuwa hoto ba ya nuna shi, don haka ya roƙi a aiko ƙyalle kafin a sa almakashi.