Kasafin Kuɗi Bisa Shirin Aiki a Ƙaramar Hukuma: Misali Daga Kwashe Shara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin kasafin kuɗi na wata ƙaramar hukuma zai tarar da jerin kawuna da ƙananan kawuna: albashi kaza, man mota kaza, gyaran motoci kaza. Kundin yakan faɗi abin da za a saya, amma ba ya faɗin aikin da za a yi wa jama'a da abin da aka saya ɗin. A garin da nake koyarwa, inda damina ke da tsawo, na sha ganin shara ta toshe magudanar ruwa a bakin kasuwa, alhali kuwa kowace shekara ana ware kuɗin tsabtace gari. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake ɗaure kuɗi da yawan aikin da aka yi alkawari. An zaɓi kwashe shara domin misali, saboda Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ambace shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

2.0 Asali da Ma'ana

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fara aiki da wani nau'inta a 1961, Shugaba Johnson ya shimfiɗa ta ga sauran ma'aikatu a 1965, aka kuma jingine ta a 1971, musamman saboda yawan takardu da lissafin da take bukata. A Nijeriya ma, Hukumar Udoji ta ba da shawarar irin wannan tsari a rahotonta na 1974.

Abubuwa uku ne ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne kayan aiki, wato ma'aikata da motoci da man dizal. Na biyu shi ne yawan aiki, wato abin da hukuma ta yi da hannunta wanda ake iya ƙirgawa, kamar sawun shara nawa aka kwashe. Na uku shi ne sakamako, wato canjin da jama'a suka gani, kamar bakin kasuwa ya kasance fes. Tsohon kasafi yakan tsaya ne a kan na farko. Kasafi bisa shirin aiki kuwa yakan fara daga sakamakon da ake so, ya sauko ga yawan aikin da zai kai ga hakan, sannan daga ƙarshe ya ƙiyasta kuɗi.

3.0 Yadda Ake Gina Shirin

Mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma mai wuraren tara shara 20 da motocin tifa biyu. Alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Mataki na farko shi ne a faɗi burin a fili: idan duba-gari ya zagaya ba tare da sanarwa ba, ya tarar da aƙalla wurare 18 cikin 20 babu tulin shara. Mataki na biyu shi ne a juya wannan buri zuwa yawan aiki. Idan kowane wuri yana bukatar a kwashe shi sau biyu a mako, sawu 40 ke nan. A cire mako biyu na garambawul ɗin motoci, saura mako 50, wanda ya ba da sawu 2,000 a shekara. Sai a tambaya ko motocin za su iya. Kowace tifa tana yin sawu huɗu a wuni, kwana biyar a mako, wato sawu 20. Biyun sun haɗa 40 cif, ba ragi ba ƙari.

Mataki na uku shi ne ƙiyasta kuɗi, kuma a nan ne ake kasa kuɗin gida biyu. Akwai kuɗin da ba ya motsi, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ma'aikata 20, direbobi da leburori da duba-gari da masu gadin juji, a kan matsakaicin albashi na Naira 100,000 a wata, za su ci Naira miliyan 24 a shekara. Garambawul da inshora da kula da babban juji za su ci miliyan 6. Jimla miliyan 30. Akwai kuma kuɗin da ke bin sawu. Kowane sawu yana shan lita 10 ta dizal a kan Naira 1,200, wato Naira 12,000, ga kuma Naira 3,000 ta taya da baƙin mai da ƙananan gyare-gyare. Naira 15,000 sau 2,000 ta ba da wata miliyan 30. Ashe shirin duka zai ci Naira miliyan 60, kowane sawu ya tashi a kan Naira 30,000.

Wahalar wannan mataki ita ce, a tsohon kundi waɗannan kuɗaɗe a warwatse suke. Albashin duba-gari yana ƙarƙashin sashen lafiya, mai da gyaran tifa suna sashen ayyuka. Dole ne ma'aji ya ba shirin lamba guda, a riƙa rubuta ta a kan kowace takardar biyan kuɗi da ta shafe shi. Jadawalin asusu na ƙasa da aka tsara wa matakan gwamnati uku yana da gurbi na shirin aiki, baya ga gurbin sashe da na nau'in kashewa. Haka kuma dole ne a naɗa jami'i guda da zai amsa tambaya kan sawu 2,000 ɗin, domin jifan da ya faɗa kasuwa ba a san mai shi ba.

4.0 Abin da Lissafin Ke Nunawa

Amfanin wannan wahala yakan bayyana ne ranar da kuɗi suka gaza. Mu ce kason da ya shigo bai kai yadda aka zata ba, aka rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shirin, ya koma miliyan 45. Mai duba tsohon kundi zai ɗauka aikin ma rubu'i ne zai ragu. Ba haka abin yake ba. Ba a taɓa albashi, don haka miliyan 30 tana nan daram, abin da ya rage wa dizal da gyara miliyan 15 ne kacal. Wannan kuwa sawu 1,000 zai biya. An rage rubu'in kuɗi, rabin aiki ya salwanta, farashin sawu ya tashi daga Naira 30,000 zuwa 45,000. Wannan shi ne asirin abin da jama'a kan gani: ma'aikata suna zaune a inuwa ana biyansu, mota tana fake babu mai, shara tana ta tashi.

Sanin haka tun farkon shekara yakan ba majalisa damar yanke shawara da idonta buɗe. Da sawu 20 a mako, ko dai a riƙa kwashe kowane wuri sau ɗaya, ko kuwa a bar wuraren kasuwa da tasha da mahauta guda biyar a kan sau biyu, a raba sauran sawu 10 ga wurare 15. Idan majalisa ba ta zaɓa ba, direba ne zai zaɓa mata.

Haka nan idan wani kansila ya nemi a ƙara wurare biyar a mazaɓarsa. Lissafin farko ya nuna ƙarin sawu 500, wato Naira miliyan 7.5. Sai dai motocin biyu sun riga sun cika maƙil, kuma ko an ƙara aikin ranar Asabar sawu takwas kawai zai ƙaru a mako, alhali 10 ake bukata. Saboda haka bukatar kansilan tana ɗauke da hayar tifa ta uku ko sayenta. Da wannan bayani a gaba, muhawara takan bar batun wane ne ya fi kusa da shugaba, ta koma kan nawa abin zai ci.

5.0 Inda Tsarin Kan Ɓaci

Matsala ta farko ita ce, duk ma'aunin da aka ɗaure da kuɗi sai an yi masa wayo. Idan sawu ake ƙirgawa, za a iya fita da mota rabin cika, ko a yi ta kwashe wuraren da ke kusa da juji a bar na nesa, ko ma a rubuta sawun da ba a yi ba. Hanyar ganewa ita ce a gwama rajista biyu waɗanda ba hannu ɗaya ke rubuta su ba. Idan rahoton wata uku ya ce an yi sawu 500, ya kamata littafin sito ya nuna fitar dizal kusan lita 5,000. In lita 3,500 ce ta fita, to ko dai sawun bai wuce 350 ba, ko kuwa gajerun hanyoyi aka yi ta bi. In kuma mai ya fita daidai, amma rajistar mai gadin juji ta nuna motoci 350 ne suka shigo, sai a nemi inda sauran man ya zurare. Zagayen bazata na duba-gari shi ne alƙali na ƙarshe, kuma bai dace ya kasance ƙarƙashin jami'in da ake auna aikinsa ba.

Ta biyu ita ce yawan ma'aunai. Ƙaramar hukumar da ba ta da isassun ma'aikatan tsare-tsare, idan aka ɗora mata ma'aunai 10 a kowane shiri, za a cike takardu ne kawai da ƙirƙirarrun lambobi. Uku sun wadatar: yawan sawu, farashin sawu, da wuraren da aka tarar da tsabta.

Ta uku ita ce kwafe tsohon kasafi a canza masa suna. Alamar wannan a fili take: kuɗin bana su ne na bara da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, burin da aka rubuta kuwa babu lamba a cikinsa, sai kalmomi irin su inganta tsabtar muhalli.

Ta huɗu ta fi ƙarfin ma'aji. Galibin ƙananan hukumomi 774 sun dogara ne da kason wata-wata daga Asusun Tarayya, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. To amma ko da an bi hukuncin sau da ƙafa, kason yakan hau ya sauka daga wata zuwa wata. Don haka ya kyautu kowane shiri ya zo da buri hawa biyu: abin da za a yi in kuɗi sun cika, da abin da za a kare in sun gaza.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ginshiƙin wannan tsari shi ne sanin farashin aiki guda, da rarrabe kuɗin da ke motsi da wanda ba ya motsi. Ba kowane aiki ne ke karɓar irin wannan awo ba. Sasanta rikicin gona ko zaman majalisa ba a ƙirga su da sawu. Shawarar wannan maƙala ita ce ƙaramar hukuma ta fara da shiri biyu ko uku masu sauƙin ƙirge, kamar shara da yashe magudanai da kula da rumfunan kasuwa, ta liƙa burin kowanne a allon sakatariya, ta kuma karanta rahotonsa a zauren majalisa duk bayan wata uku. Idan shekara ta zagayo, mai sayar da tumatir a bakin kasuwa ma za ta iya tambaya: sawu 2,000 kuka ce, nawa kuka yi?