Makin Gado da Dalilin Rauninsa Tsakanin Al'ummomi

Cututtuka irin su ciwon sukari da hawan jini ba ƙwayar gado guda ke jawo su ba. Dubban gurabe ne a cikin zaren gadon mutum ke taruwa, kowane ya ƙara hatsarin ɗan kaɗan. Don haka masana suka shiga auna nauyin kowane gurbi, su ninka shi da yawan kwafin da mutum ya gada, watau babu, ko ɗaya, ko biyu, sa'an nan su tara. Jimillar ita ce makin gado.

Nauyin nan kuwa daga binciken dubban mutane ake samo shi. A 2019 Alicia Martin da abokan aikinta suka nuna cewa wajen kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka bincika zuriyar Turawa ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba. Da suka gwada makin a kan mazauna Ingila 'yan asalin Afirka, sai ƙarfin hasashensa ya faɗi zuwa wajen ɗaya bisa biyar na yadda yake ga Turawa.

Babban dalili shi ne, gurbin da bincike ke ganowa galibi ba shi ne sanadin cutar ba. Maƙwabcinsa ne kurum, wanda akan gada tare da shi. Mutanen da suka fita daga Afirka shekaru dubu sittin ko fiye da suka wuce 'yan kaɗan ne, shi ya sa zuriyarsu ke gadon zaren a dogayen yankuna. A Afirka kuwa tsawon zamani ya daddatsa yankunan. A ƙaddara cewa cikin Turawa goma masu wata alama, tara na ɗauke da sanadin, amma cikin Yarabawa goma huɗu ne kaɗai. Makin zai ba dukansu nauyi ɗaya, ya ɗora wa Yarabawa shida hatsarin da ba nasu ba.

Dalili na biyu, abin da babu shi ga waɗanda aka bincika ba ya shiga lissafi. A 2010 aka gano nau'i biyu na ƙwayar APOL1 masu ƙara hatsarin ciwon ƙoda ga wanda ya gaji kwafi biyu. Sun yawaita a Afirka ta Yamma, amma da ƙyar ake samunsu ga Turawa. Makin da aka gina a Turai bai san da su ba.

Ana gane wannan rauni ta gwada makin da abin da aka auna zahiri. A 2017 wani makin tsawo ya yi hasashen cewa mutanen Afirka ta Yamma sun fi Turawa gajarta ƙwarai, ma'auni kuwa bai gaskata haka ba. Saboda haka makin da ba a jarraba a cikin wata al'umma ba, ba hujja ba ne a kan 'ya'yanta, balle a kwatanta al'umma da al'umma da shi.