Kafin ka tura imel ga manya, karanta shi sau biyu

'Yan'uwa matasa, ga irin imel ɗin da muke tura wa sarakunan zango: "Ranka ya daɗe, mun yi taro ranar Asabar, za mu yanke shawarar share kwatoci ranar 14 ga wata. Muna roƙon ku halarta. Ka turo amsa da wuri."

Matsala biyu ce a ciki. Ta farko lokaci. "Mun yi" ya nuna an gama, "za mu yanke" kuwa ya nuna da saura. Sarki ba zai san ko ranar ta tabbata ba, don haka yana iya zama jiran wani saƙon har ranar ta wuce. A karatun farko, tsaya a kan kowane "mun", "muna" da "za mu", ka tambayi kanka: an yi, ana yi, ko za a yi? Tunda a taron aka yanke, sai a rubuta "mun kuma yanke shawarar".

Ta biyu girmamawa. An fara da "ku", an ƙare da "ka turo", kamar umarni ga ƙane. A karatu na biyu, bi kowane "ka" da "ku", ka tsaya a kan ɗaya. A rufe da "Muna jiran amsarku." Amma "Ranka ya daɗe" gaisuwar sarauta ce, a bar ta yadda take.