Idan Ɗan Haya Zai Tashi Kafin Wa'adi: Amsar Mai Gida Kan Kuɗin Ajiya

Ɗan hayan da zai tashi kafin shekararsa ta cika yakan ce wa mai gida, "A ba ni ragowar kuɗina." Sai dai kuɗin da ke hannun mai gida iri biyu ne, kuma hukuncinsu daban. Akwai kuɗin haya da aka biya na shekara tun ranar shiga, akwai kuma kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna. Yawancin rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa ko kotu daga haɗa biyun nan take tasowa, don haka amsa mai kyau takan fara da raba su.

Kuɗin haya ya rataya ne a kan yarjejeniya. A fiƙihun Malikiyya haya ƙulli ne mai ɗaure kowane ɓangare, ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai, sai in sun yarda su biyu. Haka abin yake a dokar ƙasa idan takardar haya ta yanke wa'adi, kuma ba ta buɗe ƙofar fita da wuri ba. Saboda haka kafin mai gida ya ce uffan, sai ya ɗauko takardar ya ga abin da aka rubuta game da sanarwar tashi. Idan kuma ɗan haya zai bar gidan ne saboda rufi na yoyo, an yi ta faɗa ba a gyara ba, to magana ta canza, domin mai gida ne ya fara saɓa alkawari.

Kuɗin ajiya kuwa har yanzu na ɗan haya ne, amana ce kawai a hannun mai gida. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma ta wajabta a yanka masa rasit na daban. Tashi da wuri ba ya halasta cinye shi, sai in takarda ta faɗi haka ƙarara. Abin da ake cirewa shi ne ainihin ɓarna da bashin da aka bari. Fenti da ya koɗe ko kan famfo da ya tsufa ba ɓarna ba ne, tsufan gida ne, kuma a wuyan mai gida yake.

A ɗauka wani ma'aikaci a Kano ya kama gida a kan naira 600,000 a shekara daga 1 ga Janairu, ya ajiye naira 100,000, sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaduna, zai tashi ƙarshen Agusta. Saura wata huɗu ke nan, kuɗinsu naira 200,000. Ba dole ba ne mai gida ya mayar da su nan take. Amma idan sabon ɗan haya ya shiga ranar 1 ga Nuwamba, adalci shi ne a mayar da kuɗin Nuwamba da Disamba, wato naira 100,000, don bai dace a ci hayar gida ɗaya a hannun mutum biyu ba. A ɓangaren ajiya, an zagaya gidan an tarar da makullin ƙofa a lalace da gilashin taga guda a fashe, gyaransu naira 15,000, ga bashin wuta na naira 22,000. Ragowar naira 63,000 ce za a mayar.

Amsar, a rubuce, tana iya zama kamar haka: "Assalamu alaikum, Malam. Na samu saƙonka cewa za ka tashi ranar 31 ga Agusta, Allah ya sanya alheri. Bisa takardarmu, hayar sai ƙarshen Disamba take ƙarewa. Duk da haka na sa dillali ya nemi wani, kuma duk watan da sabon mutum ya biya zan mayar maka da kuɗinsa. Kuɗin ajiya kuwa, mu zagaya gidan tare ranar miƙa makulli, zan cire gyara da bashin wuta in akwai, in ba ka ragowar da rasitai cikin mako biyu."

Takardar ba ta yi alkawarin wani adadi kafin a duba gida ba, amma ta yanke rana, domin "sai ka ji daga gare ni" ita ce kalmar da ke haifar da zargi. Ranar zagayen a zo da shaida, a ɗauki hotuna, a karanta mita, a rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu. La'adar da dillali ya karɓa tun farko ba ta cikin wannan lissafi, domin ladan aikin da ya riga ya yi ce, ba a hannun mai gida take ba.